Sihirin da Ake Biya da Sihirin da Ke Zuwa Kyauta a Ƙagaggen Labari

Duk mai karanta littattafan yaƙi ko kallon finafinan aljanu ya san irin wannan wurin. An ritsa jarumi a bakin kogo, dakaru dubu sun kewaye shi, takobinsa ya karye, dokinsa ya faɗi. Mai karatu ya gyara zama, zuciyarsa na dukan uku-uku. Sai kawai jarumin ya tuna da wani zobe da kakarsa ta ba shi, zoben da ba a taɓa ambata ba tun farkon littafi. Ya murza shi, wuta ta fito ta cinye dakarun ƙurmus. An tsira, amma mai karatu ya ji kamar an yi masa wayo. Ba ƙarfin zoben ne ya ɓata masa rai ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne tsoron da ya ji ashe na banza ne, domin marubuci yana da mafita a aljihu tun da farko, kuma mafitar ba ta ci wa jarumi ko sisi ba.

Maganar da za a yi a nan ta fasahar ƙaga labari ce kawai, ba ta sihirin da addini ya yi hani da shi ba. Tambayar ita ce: me ya bambanta labarin da ƙarfin ban mamakin da ke cikinsa yake da iyaka da farashi, da wanda ƙarfin ke yin duk abin da marubuci ya ga dama a duk lokacin da ya maƙale?

Marubucin da ya fi shahara da tattauna wannan batu a zamaninmu shi ne Brandon Sanderson, Ba'amurke mai rubuta labaran almara. A shekarar 2007 ya rubuta wata maƙala inda ya kawo ƙa'idar da yake bi. Taƙaicenta shi ne, gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci yadda sihirin labari ke aiki, gwargwadon damar da marubuci ke da ita ta warware matsala da shi ba tare da mai karatu ya ji an cuce shi ba. Daga baya ya ƙara da cewa abin da sihirin ba zai iya yi ba ya fi jan hankali a kan abin da zai iya. Hanya mafi sauƙi ta gane nufinsa ita ce a duba littafinsa mai suna Mistborn, wanda kashi na farko ya fito a 2006.

A duniyar wannan littafi, masu baiwa suna samun ƙarfinsu ne daga ƙarafa. Mutum zai haɗiye ƴan ɓarɓashin ƙarfe da aka zuba a ƙaramar kwalba, sannan ya “ƙona” su a cikinsa, kowane ƙarfe da aikinsa guda ɗaya tak. Baƙin ƙarfe yana ba mutum ikon janyo duk wani abu na ƙarfe zuwa gare shi. Sitil yana ba shi ikon tunkuɗa shi nesa. Kuza tana kaifafa gani da ji da sauran gaɓɓan ji. Fiyuta, wadda gauraye ce ta kuza da ƴar dalma kaɗan, tana ƙara ƙarfin jiki da juriya. Akwai wasu, amma waɗannan huɗu sun ishe mu. Yawancin masu baiwar ƙarfe ɗaya kawai suke iya ƙonawa, ƴan ƙalilan ne ke iya haɗa duka, kuma jarumar labarin, wata yarinya mai suna Vin da ta tashi cikin ɓarayin titi, tana cikin waɗannan ƙalilan.

Farashi na farko a bayyane yake: ƙarfen yana ƙarewa. Idan abin da ke ciki ya ƙone, baiwa ta tsaya cak sai an sake sha. Idan aka kama mutum aka ƙwace kwalabensa, ya koma kamar kowa. Idan gaurayen ƙarfen bai yi daidai ba, ciwo zai sa masa, wani lokaci har ya kashe shi. Wannan kaɗai ya sa kowane faɗa a littafin yana da lissafi, domin mai karatu yana tambayar kansa saura nawa a cikinta.

Amma iyakar da ta fi daɗin bibiya ita ce ta tunkuɗa da janyowa. Mai ƙona sitil ba ya juya ƙarfe a sama yadda ya so. Tunkuɗar tana tafiya ne a miƙe, daga tsakiyar jikinsa zuwa abin da ya nufa, kuma nauyi ne ke yanke hukunci. Idan ya tunkuɗa kwabo, kwabon ne zai tashi da gudu kamar harsashi, tunda ya fi shi nauyi. Idan ya tunkuɗa ƙatuwar ƙofar ƙarfe da ke kafe a bango, shi ne zai yi baya da ƙarfi. To me zai faru idan ya jefa kwabo a ƙasa, ya tsaya a kansa, ya tunkuɗa? Kwabon ba shi da wurin zuwa, ƙasa ta tare shi, saboda haka mutumin ne zai tashi sama. Ta haka Vin ke tsallake katanga da rufin gidaje a birnin Luthadel. Ba tashi take yi kamar tsuntsu ba. Tsalle ne daga wani ƙarfe zuwa wani, kuma inda babu ƙarfe a ƙasa, babu abin da zai riƙe ta.

Ka lura da abin da wannan doka ɗaya ta haifar. Vin ƙarama ce, ba ta da jiki. Idan ita da ƙaton namiji suka tunkuɗi kwabo ɗaya daga ɓangarori biyu, ita za ta yi sama, sai fa idan ta jingina da bango ko ta sami wani ƙarfe a bayanta ta dogara da shi. Malaminta Kelsier ya nuna mata haka tun farkon horo. Don haka dole ta yi faɗa da dabara, ta san inda kowane ƙarfe yake kafin ta motsa. Dokar ta kuma canza yadda mutanen duniyar ke rayuwa. Masu baiwa ba sa riƙe wuƙar ƙarfe idan za su haɗu da irinsu, wuƙar gilashi suke ɗauka. Manyan gidaje suna horar da dakaru na musamman da ba sa sa ko ƙwayar ƙarfe a jiki, sanduna da garkuwar katako ne makamansu, aikinsu farautar masu baiwa. Wannan babbar alama ce ta sihirin da aka yi wa tunani: maƙiya ma sun san dokarsa, sun kuma yi shiri a kanta. A labarin da sihiri ke yin abin da ya ga dama, maƙiya kullum a wauta suke, suna ta zuwa ana hallaka su ta hanya ɗaya ba su koyi komai ba.

Sauran ƙarafan ma kowanne da ƙaiƙayinsa. Mai ƙona kuza yana gani cikin duhu, amma da za a haska masa wuta mai ƙarfi ko a buga ƙara kusa da kunnensa, sai ya gigice. Mai ƙona fiyuta yana iya gudu na sa'o'i ko ya ci gaba da faɗa da rauni a jiki, amma gajiyar da raunin ba su tafi ba, ajiye su aka yi. Fiyutar na ƙarewa sai su sauko masa gaba ɗaya, kuma akwai wanda hakan ke zama ajalinsa. Abin ya yi kama da cin bashi a shago: yau ka ci ka ƙoshi, amma littafin mai shago yana nan, ranar biya kuma ba a ɗaga ƙafa.

Yanzu bari mu bi faɗa ɗaya daki-daki, domin a nan ne amfanin duk waɗannan dokoki ke fitowa. Wanda bai karanta littafin ba ya yi haƙuri, za a tona masa wani ɓangare.

Akwai wani ƙarfe mai tsananin tsada a labarin, ana kiransa atiyum. Mai ƙona shi yana ganin inuwar abin da abokin faɗansa zai yi nan da ƴan daƙiƙu, don haka kusan ba a iya taɓa shi. Littafin ya koya wa mai karatu abubuwa uku game da shi tun kafin a buƙace su. Yana ƙonewa da sauri ƙwarai. Samunsa da wuya, domin mai mulkin daular ne ke riƙe da ma'adinarsa. Sannan idan mutum biyu suna ƙona shi a lokaci guda, kowa yana ganin abin da ɗayan zai yi yana canza nasa, sai inuwar ta rarrabu ta zama barkatai, amfanin ya soke. Ke nan faɗan masu atiyum biyu gasa ce ta wanda nasa zai fara ƙarewa.

Vin ta haɗu da wata ƴar manyan gida mai suna Shan Elariel, wadda ita ma tana da cikakkiyar baiwa, ta fi ta horo, ta kuma fi ta wadatar atiyum. Vin ɗan ƙaramin ƙwaya ɗaya gare ta. Mai karatu ya riga ya yi lissafi, ya san nata ne zai fara ƙarewa, kuma da zarar ya ƙare Shan za ta ga duk motsinta ta kashe ta. Abin da Vin ta yi shi ne, ta daina ƙona nata da gangan alhali da saura kaɗan. Nan take inuwoyinta barkatai suka koma guda ɗaya a idon Shan. Shan ta ɗauka ya ƙare, ta saki jiki ta kawo farmakin ƙarshe tana bin wannan inuwa ɗaya. A daidai wannan lokaci Vin ta kunna ɗan ragowar. Inuwar ta sake tarwatsewa, Shan ta rikice na ɗan ƙiftawar ido, Vin kuma ta cafke wata kibiya da masu gadi suka harbo ta soka mata a ƙirji.

Babu sabon ƙarfin da ya faɗo daga sama a wannan wuri. Duk abin da Vin ta yi amfani da shi mai karatu ya san shi tun tuni, kuma da ya zauna ya yi tunani da zai iya gano dabarar da kansa. Shi ya sa abin yake zuwa da mamaki da gamsuwa a tare: ba ka hango shi ba, amma da ya faru ka ga ai haka ya kamata. Nasarar ta zama ta Vin, ta hankalinta da ƙarfin zuciyarta na kashe garkuwarta a gaban mai neman ranta. A labarin zoben kaka kuwa, nasarar ba ta jarumi ba ce, ta marubuci ce.

Abin sha'awa shi ne littafin da kansa bai tsira daga wannan kuskure ba. A ƙarshen kashi na farko, lokacin da Vin ke fuskantar azzalumin sarkin, dokar da aka sani ita ce ba a iya tunkuɗa ƙarfen da ya huda cikin jikin wani. Amma sai ta jawo wani ƙarfi daga hazon da ke lulluɓe birnin, ta fizge mundayen ƙarfen da suka huda hannuwansa, ta yi galaba. Littattafan da suka biyo baya sun yi bayanin dalili, sai dai a lokacin mai karatu bai da isasshen shiri, kuma Sanderson da kansa ya amince cewa wurin bai sami share fage yadda ya kamata ba. Idan ka jera faɗan nan biyu, na Shan da na sarkin, za ka ji bambancin a jikinka. Na biyun ya fi girma da hayaniya, na farkon ya fi gamsarwa.

To shin duk sihirin da ba a yi bayaninsa ba aibi ne? A'a, kuma a nan ne nake ganin masu son dokoki ke wuce gona da iri. Ɗauki Gandalf a littafin J. R. R. Tolkien na zoben mulki, wanda ya fito a 1954 da 1955. Babu mai karatun da zai iya lissafa abin da Gandalf zai iya da wanda ba zai iya ba. Ba a faɗi inda ƙarfinsa ke ƙarewa ba. Duk da haka labarin bai lalace ba, domin Tolkien bai bar wannan ƙarfi ya warware babbar matsalar ba. Gandalf ya ƙi karɓar zoben saboda tsoron abin da zai mayar da shi. A tsakiyar tafiya ya faɗa rami a Moria, ya bar abokansa cikin makoki. Aikin kai zoben dutsen wuta ya rage a wuyan Frodo da Sam, ƙananan halittu marasa wata baiwa, da ƙafa suka taka, da yunwa da ƙishirwa. Sihirin da ba a san iyakarsa ba yana da nasa aikin: yana sa duniyar labari ta yi faɗi, yana kawo kwarjini da tsoro, yana jefa jarumi cikin matsala. Abin da bai kamata ya riƙa yi ba shi ne fitar da shi daga matsalar a duk lokacin da ta yi tsanani.

Saboda haka rabon ba tsakanin labari mai dokoki da yawa da mai dokoki kaɗan yake ba. Tatsuniyoyinmu ba sa zuwa da jadawalin ƙarafa, amma sun san wannan sirri. Idan tsohuwa a bakin rafi ko boka a ƙungurmin daji ya ba mutum wani abu, da sharaɗi yake haɗawa: kada ka waiwaya, kada ka buɗe sai ka isa gida, kada ka faɗa wa kowa. Yaran da ke sauraro suna jin sharaɗin sai su natsu, domin sun san a kansa labarin zai juya. Sharaɗi ɗaya da aka faɗa da wuri, aka kuma cika alƙawarinsa, ya wadatar.

Akwai tambaya ɗaya da ke saurin tona asirin sihirin da ke yi wa marubuci aiki: me ya hana a yi amfani da shi tun da farko, ko a sake amfani da shi daga baya? A littafi na uku na Harry Potter, wanda ya fito a 1999, an kawo wata ƴar na'ura da ke mayar da mutum baya cikin lokaci, aka ceci rayuka biyu da ita. A cikin wannan littafi abin ya zauna daidai, domin an nuna alamunta tun farko kuma tana da dokokinta. Matsalar ta taso ne bayan haka, masu karatu suka fara tambayar me ya sa ba a ɗauko ta ba a duk lokacin da wani bala'i ya auku. A littafi na biyar J. K. Rowling ta sa aka farfasa ajiyar na'urorin gaba ɗaya a wani faɗa a ma'aikatar sihiri. Ƙarfin da bai da isasshen farashi yakan zame wa marubuci kaya, sai ya nemi hanyar raba kansa da shi.

Akwai kuma farashin ƙarya, wanda ya fi wuyar ganewa. Jarumi ya yi wani gagarumin aiki, hanci ya yi jini, ya suma, kowa ya tayar da hankali. Babi na gaba ya farka garau, ya sha kunu, ya koma fagen fama. An nuna wahala, amma ba a rasa komai ba. Ma'aunin farashi na gaskiya shi ne ko ya taɓa sa jarumi ya fasa abin da yake so, ko ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. A labarin zane na Japan mai suna Fullmetal Alchemist, na Hiromu Arakawa, wanda aka fara bugawa a 2001, dokar ita ce ba a samun abu sai an ba da kwatankwacinsa. Yara biyu ƴan uwa suka yi ƙoƙarin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu. Babban, Edward, ya rasa ƙafarsa ta hagu, ƙaramin, Alphonse, ya rasa jikinsa baki ɗaya, sannan Edward ya ba da hannunsa na dama don ya ɗaure ruhin ƙaninsa a cikin sulke. Uwar kuma ba ta dawo ba. Wannan hasara ba ta warke a babi na gaba ba, ita ce ta zama labarin gaba ɗaya. Farashin ƙarafan Vin irin na mai ne, yana ƙarewa a sake cikawa, amfaninsa shi ne sa faɗa ya yi zafi. Farashin su Edward irin wanda ba ya dawowa ne, shi kuma yana gina halin mutum da nadamarsa. Marubuci yana iya amfani da kowanne, muddin ya san wanda ya ɗauka.

Dokoki ma suna da nasu haɗarin, bai kamata a ɓoye ba. Marubucin da ya ƙaunaci tsarinsa fiye da kima yakan tsayar da labari ya shiga darasi, shafi bayan shafi na bayani, har littafin ya koma kamar takardar koyon aikin inji. Kuma abin da aka bayyana ƙarshensa yakan rasa kwarjini. Ba wanda ke jin tsoron sitil ɗin Vin irin tsoron da ake ji idan aka ce wani abu na motsi a cikin tsohuwar rijiya da dare. Sanderson ya rage wannan matsala ta hanyar koya wa mai karatu dokokin tare da Vin, a kan katanga, cikin tsoron faɗowa, ya kuma bar hazon da wasu halittun daular cikin duhu na tsawon lokaci. Ga marubucinmu da ke rubuta labarin jarumai da aljanu, ba lallai ne ya ƙirƙiro ƙarafa goma ba. Idan takobin jaruminsa na tsafi ne, ya yanke tun kafin babi na farko abin da takobin ba ya sara, da abin da yake ci a jikin mai riƙe da shi, ya nuna wa mai karatu wannan a wani ƙaramin faɗa da wuri, sannan ya bar babban maƙiyin ya gano raunin kafin haɗuwarsu ta ƙarshe.